Inda Za a Yanka: Yadda Kwamfuta Ke Gano Lambar Tsakiyar Jeri Biyu Ba Tare da Ta Haɗa Su Ba

A ce malami yana koyar da lissafi a aji biyu, ya yi musu jarrabawa iri ɗaya, kowane aji kuma an rubuta makinsa a takarda daban, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Aji na farko ɗalibai 5 ne, na biyu ɗalibai 8.

```
A: 12  25  38  61  74
B: 20  31  44  47  52  58  66  90
```

Shugaban makaranta ya ce yana son sanin makin ɗalibin da ke tsakiya, wato idan aka jera yaran nan 13 gaba ɗaya bisa makinsu, wanda ya zo na 7, shida a bayansa, shida a gabansa. Wannan ita ce lambar tsakiya. Ta sha bamban da matsakaicin da aka saba fitarwa ta hanyar tara maki a raba da yawan ɗalibai, domin ita babu ruwanta da girman lambobin da ke gefe. Ko da mai 90 ya ci 100, ko mai 12 ya tashi babu ko ɗaya, na 7 yana nan inda yake. Shi ya sa masu ƙididdigar albashi da farashin gidaje suka fi jingina da ita: attajiri ɗaya ba ya jan ta sama.

Da yara 13 babu wata wahala. A haɗa takardun biyu, a ƙirga bakwai: 12, 20, 25, 31, 38, 44, 47. Amsa 47 ce. Tambayar da masu rubuta manhaja suka daɗe suna wasa ƙwaƙwalwa da ita ita ce: in jerin farko yana da lambobi dubu, na biyu yana da biliyan, dole ne sai an bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai tsakiya? Hakan yana nufin taku wajen miliyan 500. Amsar ita ce a'a, taku goma sun isa, kuma a kowane taku lambobi huɗu kawai za a leƙa. Wannan tambaya ita ce ta 4 a shafin LeetCode, inda masu neman aikin manhaja ke atisaye, kuma an sa ta cikin rukunin masu wuya. Wuyarta ba ta tsawon lissafi ba ce. Duk wanda ya iya kwatanta lambobi biyu ya san wacce ta fi girma zai iya bin ta da fensir.

Gajerun hanyoyi biyu da ba sa kaiwa

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya fitar da tsakiyar kowane aji, sannan ya haɗa su. Tsakiyar A ita ce 38. B yana da ɗalibai 8, babu mutum ɗaya a tsakiya, don haka ana ɗaukar rabin jimlar biyun da ke tsakiya, 47 da 52, a sami 49.5. Tsakanin 38 da 49.5 akwai 43.75, wanda ba shi ne 47 ba. In ma aka ce a ba babban aji nauyi gwargwadon yawansa, abin da za a samu ya ɗan haura 45 ne, har yanzu ba a dace ba. Matsakaicin tara-a-raba yana yarda da irin wannan haɗi: na A 42 ne, na B 51, kuma daga waɗannan biyun da yawan ɗalibai za a iya fitar da na duka daidai wa daida, ba sai an sake duba makin kowa ba. Lambar tsakiya ba ta yarda. Ita magana ce ta matsayi a layi, kuma matsayin yaro a ajinsa bai gaya maka matsayinsa a cikin taron duka ba.

Hanya ta biyu ta fi wayo, kuma tana da asali. A babi na 9 na sanannen littafin algoridim na Cormen, Leiserson, Rivest da Stein akwai aikin gida da ke neman tsakiyar jeri biyu masu tsawo ɗaya. A can dabarar ita ce a kwatanta tsakiyar kowanne, a zubar da rabin ƙasa na wanda tsakiyarsa ta fi ƙanƙanta, a zubar da rabin sama na ɗayan, a ci gaba da abin da ya rage. Tana aiki ne saboda tsawon ɗaya ne: abin da aka cire daga ƙasa daidai yake da abin da aka cire daga sama, don haka tsakiya ba ta gusa ba. Gwada ta a kan azuzuwanmu. Daga A za a cire 12 da 25, mutum biyu. Daga B za a cire 52, 58, 66 da 90, mutum huɗu. Waɗanda suka rage su ne 20, 31, 38, 44, 47, 61, 74, tsakiyarsu kuwa 44. An cire biyu daga ƙasa, huɗu daga sama, tsakiya ta zame ƙasa da mataki ɗaya. Ana iya gyara wannan ta hanyar tabbatar da cewa adadi ɗaya ake cirewa daga ɓangarorin biyu, amma sai ƙananan sharuɗɗa su yi ta ɓullowa idan gajeren jerin ya kusa ƙarewa. Akwai hanyar da ta fi tsabta.

A daina neman lamba, a nemi wurin yanka

Mu koma ga jerin da aka haɗa. Idan aka ja layi bayan ɗalibi na 7, mutum 7 suna hagu, 6 suna dama, kuma duk wanda ke hagu makinsa bai wuce na kowa da ke dama ba. Yanzu a mayar da kowane yaro ajinsa. Na hagun nan su ne 12, 25, 38 daga A, da 20, 31, 44, 47 daga B. Lura da yadda suka zauna: a kowace takarda, su ne na farko-farko, a jere, babu tsallake. Ba zai yiwu 61 ya shiga hagu ya bar 38 a dama ba, tunda an riga an jera takardar. Ashe layin da aka ja a babban jeri daidai yake da layuka biyu, ɗaya a takardar A, ɗaya a takardar B.

```
A: 12  25  38      |  61  74
B: 20  31  44  47  |  52  58  66  90
```

A nan dabarar take. Layukan biyu ne, amma abin da ba a sani ba ɗaya ne tak. Hagu dole ta ɗauki mutum 7. In A ya ba da 3, B dole ya ba da 4. In A ya ba da 1, B zai ba da 6. Da zarar ka zaɓi inda za ka yanka A, lissafi ya riga ya zaɓa maka inda za ka yanka B. Mu kira adadin da A ya bayar `i`, wanda B ya bayar `j`, to kullum `j = 7 - i`. A kuwa mutum 5 ne, don haka wuraren yankansa shida ne kawai: 0, 1, 2, 3, 4 ko 5. Duk tsawon B, ko da biliyan ne, bai ƙara ko wuri ɗaya a kan waɗannan ba.

Yaya za a san yankan ya yi daidai ba tare da an duba kowa ba? Lambobi huɗu ne suke taɓa layin: ta ƙarshe a hagun A, ta farko a daman A, ta ƙarshe a hagun B, ta farko a daman B. Ba a bukatar kwatanta hagun A da daman A, jerin ya riga ya ba da tabbacin wannan, haka ma na B. Abin da ya rage shi ne kwatanci na gicciye. Ta ƙarshe a hagun A kada ta wuce ta farko a daman B, ta ƙarshe a hagun B kuma kada ta wuce ta farko a daman A. A misalinmu 38 ba ta wuce 52 ba, 47 ba ta wuce 61 ba. Tunda 38 ita ce babbar hagun A, 52 kuma ita ce ƙaramar daman B, wannan kwatanci ɗaya ya tsaya wa dukan sauran. Idan sharuɗɗan biyu suka cika, lambar tsakiya ita ce babba cikin lambobin hagu biyu, wato tsakanin 38 da 47, ita ce 47.

Taku uku

Da za a gwada wuraren shida ɗaya bayan ɗaya, da an sami amsa, amma gajeren jerin in ya kai miliyan an koma gidan jiya. Abin da ke sa aikin ya yi sauri shi ne yankan da bai yi daidai ba yana nuna maka gefen da za ka matsa. Kamar mai neman kalma a ƙamus ne: ya buɗe tsakiya, ya ga ya wuce wurin ko bai kai ba, ya manta da rabin littafin gaba ɗaya.

Wuraren yanka daga 0 ne zuwa 5. A fara da na tsakiyarsu, 2. A ya ba da 2, B ya ba da 5.

```
A: 12  25              |  38  61  74
B: 20  31  44  47  52  |  58  66  90
```

25 ba ta wuce 58 ba, wannan ya yi. Amma 52 tana hagu alhali 38 tana dama, wannan bai yi ba. B ya ba da mutane fiye da kima, A bai ba da isassu ba. Dole layin A ya matsa dama. Kuma ba 2 kaɗai aka kawar ba, har da 0 da 1, domin in aka rage abin da A ke bayarwa, sai B ya ƙara turo 58 da 66 zuwa hagu, A kuma ya janye 25 zuwa dama, ɓarakar ta ƙara faɗi. Saura 3, 4, 5. A ɗauki 4, B ya ba da 3.

```
A: 12  25  38  61  |  74
B: 20  31  44      |  47  52  58  66  90
```

Yanzu an zarce. 61 tana hagu, 47 tana dama. A ya ba da yawa, layin ya koma baya, 4 da 5 sun fita. Saura 3, wanda shi ne yankan da muka gani a sama, sharuɗɗan biyu suka cika, amsa 47.

Mai karatu mai lura zai tambaya: idan sharuɗɗan biyu suka karye a lokaci guda fa, ina za a matsa? Hakan ba ya faruwa, kuma hujjar gajera ce. A ce hagun A ta fi daman B girma. Daman B ba ta gaza hagun B ba, saboda jeri. In kuma hagun B ta fi daman A, ita kuma daman A ba ta gaza hagun A ba, to mun zagaya mun dawo da cewa hagun A ta fi kanta girma, abin da ba zai yiwu ba. Saboda haka kowane gwaji sakamako uku ne kawai yake da shi: matsa dama, koma hagu, ko an iso. A ganina wannan 'yar hujja ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce waɗanda suka haddace manhajar ba tare da sun fahimce ta ba suke tsallakewa.

Idan jimlar ɗaliban tana rabuwa biyu cif, canjin kaɗan ne. A ce wani yaro a B da bai rubuta da wuri ba ya zo ya ci 95, jimla ta zama 14. Hagu za ta ɗauki 7, dama 7, yankan yana nan inda yake. Yanzu mutum biyu ne a tsakiya: babban hagu, 47, da ƙaramin dama, wanda shi ne ƙarami tsakanin 61 da 52. A tara 47 da 52 a raba biyu, 49.5. Don kada a rubuta ƙa'ida biyu, ana lissafa girman hagu da `(m + n + 1) // 2`, inda `m` da `n` su ne tsawon jerin biyu, alamar `//` kuma rabawa ce da ke watsar da ragowa. Da 13 tana ba da 7, da 14 ma 7. Ɗayan da aka ƙara shi ke sa mutumin da ya yi saura ya faɗa hagu a duk lokacin da jimlar ba ta rabu cif ba.

Me ya sa ake cewa lokacin logaridim

Kowane gwaji yana rage wuraren da suka saura da rabi. Logaridim, a nan, ba komai ba ne illa amsar tambayar nan: sau nawa za a raba adadi biyu kafin ya koma ɗaya? Idan aka ninka 2 a kanta sau 10 ana samun 1,024, don haka gajeren jeri mai lambobi 1,000 ba zai ci fiye da gwaji 10 ba. Sau 20 yana ba da 1,048,576, don haka miliyan ɗaya gwaji 20 ne. Biliyan ɗaya gwaji 30. Jeri ya ninka sau dubu, aiki ya ƙaru da taku goma kacal. Masana suna rubuta wannan da `O(log(min(m, n)))`, ma'ana gajeren jerin ne kaɗai ke yanke yawan aikin. Abin da LeetCode ya nema shi ne `O(log(m+n))`, wannan hanya kuwa ta ɗan fi shi. Wani abin dariya shi ne jerin da ake gwaji da su a can ba sa wuce lambobi 1,000 kowanne, don haka wanda ya haɗa su ya ƙirga shi ma yakan wuce. Mai yi maka tambaya a wurin neman aiki ne ba zai bar ka ka wuce ba.

Inda ake tuntuɓe

Tunanin yana da sauƙi, rubuta shi daidai ne ke ba mutane ciwon kai, kuma kusan duk ciwon a bakin jeri yake. Wuri na farko shi ne yankan da ya faɗa a ƙarshen takarda. A ce A ajin gwanaye ne, mutum uku masu 80, 85 da 93, B kuma yana nan yadda yake da mutum 8. Jimla 11, hagu za ta ɗauki 6. Gwajin farko, A ya ba da 1, B ya ba da 5: 80 tana hagu, 58 tana dama, bai yi ba, a koma baya. Saura 0. A bai ba da kowa ba, B ya ba da dukan shidan, 20 zuwa 58. To wace ce lamba ta ƙarshe a hagun A, alhali babu kowa a can? Maganin shi ne a ɗauka akwai wata lamba ta ƙage a can wadda ta fi kowace lamba ƙanƙanta, a ɗaya bakin kuma wata da ta fi kowace girma. Ba sa cikin lissafin amsa, aikinsu kawai su sa kwatanci ya wuce lafiya. Da haka sharaɗin farko ya cika da kansa, 58 kuma ba ta wuce 80 ba, amsa 58. Wanda ya haɗa lambobin goma sha ɗaya ya ƙirga shida zai tarar da ita.

Wuri na biyu shi ne zaɓen jerin da za a yi bincike a kansa. Ana yawan cewa a zaɓi gajeren ne don ya fi sauri, kuma gaskiya ne, amma babban dalilin ba shi ba ne. Koma ga azuzuwan farko, ka ce B za ka riƙa yankawa. Wurarensa daga 0 zuwa 8 ne. In B ya ba da 1, ana bukatar 6 daga A, mai mutum 5. In B ya ba da 8, ana bukatar A ya ba da ƙasa da sifili. A wasu harsunan manhaja wannan yana jawo saƙon kuskure nan take, wanda alheri ne. A Python kuwa lambar matsayi mai alamar ɗebewa halal ce, tana nufin a ƙirgo daga ƙarshen jeri, saboda haka manhajar na iya ɗauko wata lamba daban ta ci gaba da aikinta shiru. Idan gajeren ake yankawa wannan ba ya tasowa, domin rabin jimla ba ya gaza tsawon gajeren, ba ya kuma wuce tsawon dogon. Shi ya sa layin farko na manhajar yake musanya jerin biyu in sun zo a juye.

```python
def tsakiya(a, b):
    if len(a) > len(b):
        a, b = b, a
    m, n = len(a), len(b)
    rabi = (m + n + 1) // 2
    kasa, sama = 0, m
    while kasa <= sama:
        i = (kasa + sama) // 2
        j = rabi - i
        a_hagu = a[i - 1] if i > 0 else float("-inf")
        a_dama = a[i] if i < m else float("inf")
        b_hagu = b[j - 1] if j > 0 else float("-inf")
        b_dama = b[j] if j < n else float("inf")
        if a_hagu > b_dama:
            sama = i - 1
        elif b_hagu > a_dama:
            kasa = i + 1
        elif (m + n) % 2 == 1:
            return max(a_hagu, b_hagu)
        else:
            return (max(a_hagu, b_hagu) + min(a_dama, b_dama)) / 2
```

`kasa` da `sama` su ne iyakokin wuraren da ba a kawar ba tukuna. Lura cewa `sama` tana farawa ne daga `m`, ba `m - 1` ba, domin `i` yawan mutanen da aka ɗauka ne, ba matsayin wani mutum ba, kuma yana yiwuwa a ɗauki dukan jerin. Wanda ya saba da binciken rabi-rabi na yau da kullum hannunsa kan rubuta `m - 1` da kansa, sai manhajar ta yi ta aiki lafiya har ranar da dukan gajeren jerin ya kamata ya faɗa hagu, ta fita ba tare da amsa ba. Layuka huɗun tsakiya su ne lambobi huɗun da ke taɓa layi, tare da lambobin ƙagen nan, `-inf` da `inf`. Idan jeri ɗaya fanko ne, manhajar tana ba da amsa daidai a gwaji ɗaya. Idan duka biyun fanko ne babu lambar tsakiya ko kaɗan, abin da za ta fitar shi ne `nan`, kuma ya kamata a tare wannan tun a ƙofa.

Sai batun maki iri ɗaya. Sharaɗin shi ne lambar hagu kada ta wuce ta dama, ba wai dole ta gaza ta ba. Wanda ya nace sai ta gaza, in aka ba shi aji biyu da kowa ya ci 50, ba zai taɓa samun yankan da ya gamsar da shi ba. Akwai kuma tarkon rabawa: a Java da C, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba ana watsar da ragowa, don haka 99 a raba da 2 zai fito 49 maimakon 49.5, sai an rubuta `2.0`. A waɗannan harsuna ma tara lambobi biyu manya na iya wuce iyakar ma'ajinsu, wadda ga `int` na Java ita ce 2,147,483,647, jimlar ta juye ta koma ƙasa da sifili. Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa binciken rabi-rabi da ke cikin ɗakin karatun Java, wanda shi da kansa ya rubuta, ya shafe kusan shekara tara ɗauke da wannan aibi a layin da ke lissafa tsakiyar iyakoki biyu, ba ya bayyana sai jeri ya haura biliyan. Maganin da aka saba shi ne a rubuta `kasa + (sama - kasa) / 2`. Python ba ta da wannan matsala, cikakkun lambobinta suna faɗaɗa gwargwadon bukata.

Sharaɗin da ba a dubawa

Duk saurin nan bashi ne aka ci a kan abu ɗaya: cewa jerin biyu a jere suke da gaske. Manhajar ba ta duba wannan, kuma ba za ta iya ba, domin dubawa na nufin karanta kowace lamba, wanda shi ne aikin da ake gudu tun farko. Ga abin da ke faruwa in aka saɓa. A ce magatakarda ya yi kuskure a takardar A, ya rubuta 61 kafin 38, ta zama 12, 25, 61, 38, 74. Gwajin farko yana yanka bayan 25. Yanzu lambar da ke daman A ita ce 61, ta hagun B kuma 52. 25 ba ta wuce 58 ba, 52 ba ta wuce 61 ba, sharuɗɗa sun cika, manhajar ta ce 52. Yaran su ne dai waɗanda muka sani, makinsu bai canza ba, amsar gaskiya 47 ce, amma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa.

Haka kuma dole ya zama ana iya tsallakawa zuwa kowane matsayi kai tsaye. Idan bayanan suna cikin tsarin da sai an bi na farko kafin a kai na biyu, to isa tsakiya kaɗai ya cinye ribar. In kuwa ba a jere suke ba tun asali, jera su don a yi amfani da wannan dabara asarar ƙarfi ce. Akwai hanyoyin zaɓo lambar tsakiya daga tarin da ba a jera ba, irin wadda Tony Hoare ya wallafa a 1961, da wadda Blum, Floyd, Pratt, Rivest da Tarjan suka fitar a 1973, waɗanda aikinsu yake tafiya daidai da yawan lambobin.

Saboda irin waɗannan kurakurai masu shiru, ba na yarda da manhajar da aka gwada da misali biyu ko uku aka ce ta yi. Hanyar gwaji mai kyau ita ce a rubuta ta biyu, mai sanyin tafiya wadda ba a shakkarta: ta haɗa jerin, ta jera, ta ɗauki tsakiya. Sai a sa kwamfuta ta ƙirƙiro dubban gajerun jeri, masu tsawo daga 0 zuwa 6, da lambobi daga 0 zuwa 5 don a yi ta samun maimaici, a ba manhajojin biyu, a tsaya a inda suka fara saɓawa. Gajerun jeri sun fi dogaye tona asiri, domin a cikinsu ne yanka ke yawan faɗawa a baki.

Babu wani abu a cikin dabarar da ya ɗaure ta ga rabi. In aka sauya 7 da wani adadi, a ce ana neman ɗalibi na 10, sai `j` ya zama `10 - i`, a kuma gyara iyakokin farko: B mutum 8 ne kawai, don haka A dole ya ba da aƙalla 2. Sauran aikin bai canza ba. A nan ne ma ta fi amfani a aikace, fiye da neman lambar tsakiya ita kaɗai. Idan ana son haɗa manyan jeri biyu da injin da ke da kawunan sarrafawa da yawa, matsalar ita ce yadda za a raba musu aikin daidai ba tare da an fara haɗawar ba. Da kawuna huɗu, sai a nemi yanka uku, a rubu'i, a rabi, da rubu'i uku, kowanne da irin wannan bincike. Kowane kai ya ɗauki yankinsa na A da yankinsa na B, ya san daidai inda zai fara rubuta sakamakonsa, ba ya jiran kowa. Wannan shi ne tushen hanyar da ake kira Merge Path, wadda aka wallafa a 2012, ana kuma amfani da ita wajen jera bayanai a kan katunan hoto na kwamfuta masu dubban ƙananan kawuna. A azuzuwanmu, kai na farko cikin biyu zai karɓi 12, 25, 38 da 20, 31, 44, 47 ya cika gurabe bakwai na farko, na biyu ya karɓi 61, 74 da 52, 58, 66, 90 ya fara daga gurbi na 8.